Yaron jarumi: me ya sa labari ba ya tsayuwa sai da shi?

Ummu Haidar

Assalamu alaikum malamai. Shawara nake nema. Ina rubuta littafin jarumta da nake saki shafi-shafi, na tsara zai kai shafi 60, yanzu ina na 24. Jarumin sunansa Jatau, shi ke tsaron ayarin fataken goro daga Kano zuwa Gwanja. Na haɗa shi da wani yaro, Tanko, matsoraci mai cin tsiya, don ya riƙa ba mutane dariya. To masu karatu sun fara cewa tsallake wurin Tanko suke yi. In kashe shi ne, ko in ƙara masa barkwanci?

Malam Sabi'u

Wa alaikumussalam. Kafin ki kashe shi, yi wannan gwaji. Ɗauki shafuka uku da Tanko ya fito, ki goge duk maganarsa da duk abin da ya yi, ki sake karantawa. Idan Jatau ya fito yadda yake, bai ragu da komai ba kuma ba mu rasa sanin wani abu game da shi ba, to ba barkwanci ne ya yi wa Tanko kaɗan ba. Aiki ne ba ki ba shi ba. Mai karatu yana tsallake duk mutumin da ya gane ba zai yi asarar komai ba in ya tsallake shi.

Sai tambaya ɗaya: me Jatau yake ɓoyewa?

Ummu Haidar

Malam, gaskiya babu abin da yake ɓoyewa. Jarumi ne kawai. Sai dai yana da zafin zuciya, kuma ba ya ja da baya.

Abba Fagge

Anti, ai abin mai sauƙi ne. Yaron jarumi kishiyar jarumi ne. In jarumi dogo ne yaron gajere, in mai shiru ne yaron mai surutu, in mai ƙarfin hali ne yaron matsoraci. Kin riga kin yi daidai. Aikinsa na biyu shi ne yin tambaya, don jarumi ya samu wanda zai yi wa bayani mu ma mu ji. Dubi Watson, ai aikinsa kenan a wurin abokinsa Sherlock Holmes, mai binciken laifuffuka a labaran Turanci: ya tambaya, Holmes ya warware.

Malam Sabi'u

Abba, tambayar tana cikin aikin, amma da ita kaɗai ce da kowane ɗan sanda zai iya riƙe wurin Watson. Tunda ka kawo shi, bari mu buɗe wuri guda mu ga abin da marubucin labaran, Arthur Conan Doyle, ya yi da shi, don a nan ne amsar Ummu Haidar take.

Littafin Holmes na biyu, The Sign of the Four, na 1890, bai fara da gawa ko sata ba. Ya fara da Holmes yana yi wa kansa allurar ruwan hodar iblis mai kashi 7 cikin 100, Watson na zaune yana kallo. Watson ya gaya mana watanni ya yi yana ganin haka sau uku a rana, ransa na ɓaci, amma kwarjinin mutumin ya hana shi magana. Ran nan ya daure ya yi, kuma a matsayin likita ya yi ta. Ka lura, Doyle bai ba Holmes abokin zama lauya ko ɗan kasuwa ba. Likita ya ba shi, wanda ya san abin da allurar ke yi wa jiki, don haka ba zai iya kawar da kai ba.

Sai maganar agogo. Watson ya miƙa masa wani agogon aljihu ya ce ya faɗi halin mai shi, da nufin ya ƙure shi. Holmes ya jujjuya agogon, ya buɗe bayansa, ya duba da gilashi, ya fara jero bayani. Haruffan da ke jiki sun nuna na gidansu Watson ne, kuma tsufan agogon ya nuna na uba ne ya faɗa hannun babban ɗa. Agogo mai tsada amma duk ya lotse ya kakkarce, alamar ana cusa shi aljihu ɗaya da kuɗi da makullai, wato mai shi ba ya tattalin kaya. A cikin murfin akwai lambobi huɗu irin waɗanda masu karɓar jingina ke karcewa, wato sau huɗu talauci ya kai shi jingina, kuma yakan samu ya fanso. Bakin ramin da ake zura makulli a wana shi duk zane-zane ne, alamar hannun mashayi da ke rawa da dare. Ya rufe da cewa wan Watson ya lalata dukiyarsa, ya faɗa shaye-shaye, ya mutu.

Komai daidai ne. Amma Watson ya zabura daga kujera yana ɗingishi cikin ɗaki, ransa a ɓace, yana zargin cewa binciken sirrin gidansu aka yi. Sai a nan Holmes ya ba da haƙuri, ya ce ya ɗauki abin kamar lissafi ne, ya manta ciwo ne a wurin mai sauraro.

Fasaharsa da nakasarsa a wuri ɗaya suka fito. Idon da ke ganin karce a bakin ramin makulli bai ga fuskar abokinsa ba. Da wani baƙo ya kawo agogon, da burgewa kawai za mu gani, don baƙo zai yi mamaki ya biya ya tafi. Sai da aka samu wanda abin zai yi wa ciwo, kuma wanda muke so, sannan muka gane mutumin nan yana da rami. Abin da nake so marubuta su ɗauka daga nan shi ne raunin jarumi ba ya fitowa sai ya faɗa kan wani, kuma yaronsa ne ya fi kowa kusa.

Abba Fagge

Na ji, Malam. Amma ai abin da na faɗa ne, Holmes ba shi da tausayi, Watson yana da shi. Kishiya kenan.

Hajiya Talatu

A'a Abba, akwai tazara. In ka ce kishiya, komai za ka juya, sai ka samu wawa kusa da mai hikima, rago kusa da jarumi. Watson ba rago ba ne, likitan soja ne da ya ji rauni a yaƙin Afganistan, shi ke ɗaukar bindiga in za a shiga wuri mai haɗari. Kuma ba dolo ba ne. Wajen ƙarfin hali da riƙon amana kusan ɗaya suke da Holmes. A abu guda suka rabu, kuma a wannan abin ne Holmes yake da giɓi. In sun bambanta a abu goma, mai karatu ba zai san wanne zai kalla ba. In sun yi kama a tara suka rabu a ɗaya, idonsa na kan ɗayan nan.

Matsalar Tanko kenan. An juya komai na Jatau aka ba shi, sai ya zama abin auna girman Jatau kawai. Duk tsoron da ya ji yabon Jatau ne, kuma mai karatu ya riga ya yarda Jatau jarumi ne tun shafi na biyu.

Ummu Haidar, zafin zuciya da rashin ja da baya kirari ne, ba rauni ba. Ki gwada: in maroƙi zai iya faɗin abin a gaban Jatau ya samu kyauta, to ba shi muke nema ba. Muna neman abin da in aka faɗa a gaban jama'a Jatau zai so ƙasa ta tsage ya shige.

Ɗan Baba Mai Littafi

Ni dai a ganina babu kamar Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja. Shi ne ya fi kowa tona Alhaji Imam. Duk inda suka haɗu sai an yi.

Hajiya Talatu

Wannan abokin hamayya ne, Ɗan Baba, ba abokin tafiya ba. Suna yi wa juna tuggu suna ramawa. Mai hamayya yana neman rauninka don ya soka. Wanda muke magana a kai ya san raunin kuma shi ke rufe shi, shi ya sa abin ya fi ciwo. In misali na gida kake so, aku na littafin farko na Magana Jari Ce ya fi kusa. Musa ɗan sarki yana ƙagare ya bi Mahmudu wajen yaƙi, bai san waziri na jiran ya fita ba. Aku bai da ikon hana shi, bai da ƙarfin tsare ƙofa, sai ya riƙa riƙe shi da labari dare bayan dare. Duk labarin da ya ɗauko, gaggawar Musa ce ta jawo shi. Ka cire gaggawar, aku ba shi da abin yi.

Ummu Haidar

To na fara ganewa. Tun jiya nake tunani. Me za ku ce in Jatau yana da dundumi? Da rana babu kamarsa, amma da magariba ta yi ba ya gani sosai. Babu wanda ya sani sai Tanko.

Malam Sabi'u

Madalla, yanzu kin samu abin aiki. Amma ki raba abu biyu, don a nan ake yawan zamewa. Dundumi lalura ce, ba laifinsa ba ne, kuma mai karatu tausayi kawai zai ji. Raunin shi ne ɓoyewar. Mutumin da madugu ya damƙa wa rayukan fatake da jakunansu da kayansu, ya san rabin kowace rana ba shi da amfani, amma ya gwammace a mutu da a ce Jatau ba ya gani. Wannan girman kai ne da tsoron faɗuwar suna, kuma a kansa za ki gina Tanko.

Da farko ki canja masa sana'a. Ya daina zama ɗan cin abinci, ya zama mai riƙe linzamin dokin Jatau, mai tafiya a gabansa. Jama'a za su ɗauka alfarma ce irin ta manya, alhali ja-gora ne. Sannan ki ba shi kaifin ido da kunne, don shi ke karanta dare a madadin ubangidansa. Ki ba su wata alama da su biyu kaɗai suka sani, misali Tanko ya yi tari sau ɗaya in akwai rami, ya kira sunan dokin in mutum na zuwa ta hagu. Ki nuna alamar tana aiki sau biyu ko uku ba tare da kin yi bayani ba. Mai karatu mai lura zai fara zargi da kansa, kuma zargin da ya gano da kansa ya fi riƙe shi a kan wanda kika gaya masa.

Tsoron da kika riga kika rubuta masa a shafuka 24 ɗin nan kada ki goge, yanzu ya samu dalili. Duk ayarin na barci cikin natsuwa a zango saboda Jatau na nan. Tanko kaɗai ya san babu mai gadi sai shi. Dole ya zabura in ganye ya motsa. Abin da aka yi ta yi wa dariya a baya, in sirrin ya fito, mai karatu zai koma ya sake karanta shi da wata fuskar.

Hajiya Talatu

Bari in ɗora da yadda za a raba shi a sauran shafuka 36 da suka rage, don in aka zuba shi lokaci ɗaya ya lalace.

Ni wurare uku nake nema a irin wannan alaƙa. Na farko wurin rufin asiri, inda yaron ya tare wa ubangidansa kuma aka wuce lafiya. Ki sa shi kusa, shafi na 26 ko 27. A ce da dare madugu ya miƙo wa Jatau wani abu ya duba, sawun da aka gani a bakin rafi, Tanko ya yi wuf ya tsuguna ya fara faɗin abin da ya gani kamar mai shisshigi, Jatau ya daka masa tsawa a gaban mutane sannan ya maimaita abin da yaron ya faɗa kamar nasa. Tsawar nan tana da muhimmanci. Ita ce ta nuna mana cewa yaron ne ke biyan kuɗin sunan Jatau.

Na biyu wurin da rufin ya jawo asara. Wannan ya zo wajen shafi na 38 zuwa 42. Tanko ya kwanta zazzaɓi, ko an aike shi, aka kawo hari da dare, wani bafatake ya rasa ransa ko aka kore jakuna. Jatau ya fita da takobi yana sara inda babu kowa. Da safe aka nemi wanda za a ɗora wa laifi, aka ce yaron da ya kamata ya yi gadi ne ya yi barci, Jatau kuma ya yi shiru. Shirun nan shi ne mafi munin abin da zai yi a littafin, ya fi duk wani kisa.

Na uku wurin zaɓi, can wajen 52 zuwa 55, inda ba zai yiwu Jatau ya tsira da sunansa da yaron duka ba. Ko ya buɗe baki a gaban madugu ya ce ni ne ba na gani, ko a hukunta Tanko. Abin da ya zaɓa shi ne ƙarshen littafinki, yaƙin da zai biyo baya cikawa ne kawai.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tsallake na biyu. Marubuci yana son jaruminsa, ba ya so ya ga ya yi abin kunya, sai ya tashi daga rufin asiri ya faɗa tuba. Alamar hakan ita ce jawabin tuban ya fito dogo, jarumi yana ta bayyana abin da ya yi nadama a kai, saboda ba mu gani da idonmu ba. In asarar ta faru a gabanmu, jimla ɗaya ta ishe shi.

Usaina Zariya

Hajiya, ina da ja a kan abu ɗaya. Duk misalin da ake kawowa na Watson, mutum ne da zai kalli abokinsa ya ce abin da kake yi ba daidai ba ne. Tsararsa ne, ɗaki ɗaya suke haya. Tanko bara ne a ayarin fatake. Yaro irin wannan ba zai buɗe baki ya ce wa ubangidansa kana da girman kai ba. In ya faɗa, duk Bahaushe zai ji ƙarya a ciki.

Hajiya Talatu

Gaskiyarki, Usaina, kuma nan ne rubuce-rubuce da yawa ke faɗuwa, sai ka ji bara yana yi wa maigida wa'azi. Hanya biyu ce. Ko dai ya faɗa da aiki: ranar da aka ɗora masa laifi, da magariba ya zo kamar kullum ya kama linzami, bai ce komai ba, amma bai yi tarin nan ba sai da dokin ya kusa rami. Jatau ya ji saƙon. Ko kuma a ba shi lasisin magana tun farko, a sa akwai wasa tsakaninsu. In taubasai ne, ko akwai wasan gari ko na ƙabila, to yana iya jefa magana mai nauyi cikin raha a gaban kowa, jama'a su yi dariya, Jatau kaɗai ya san ba wasa ba ne. Wannan ne ma zai ceci barkwancin da Ummu Haidar take so. Dariyar tana nan, amma kowace tsokana tana da ƙasa.

Sai dai a zaɓi ɗaya. In bara ne mai kunya, ya tsaya a haka har ƙarshe. In abokin wasa ne, a kafa shi tun yanzu, kada a shafi na 50 a wayi gari ya zama ɗan ƙanwar uban Jatau.

Abba Fagge

To ni abin da ban gane ba, in yaron ne ke gani, shi ke ji, shi ke shan wahala, ai shi ne jarumin. Me ya rage wa Jatau?

Malam Sabi'u

Tambaya ce mai kyau, kuma haɗarin gaske ne. Ana gane yaro ya ƙwace labari idan shi ne ke yanke shawarar da ta juya al'amura. Tanko yana iya gani, ya faɗa, ya rufe, ya sha duka, amma zaɓin ƙarshe na Jatau ne. In Tanko ne ya miƙe ya tona asirin a gaban madugu, to littafin ya zama na Tanko, Jatau ya koma matsalar da aka warware. Ba laifi ba ne a rubuta wancan littafin, amma wani littafi ne dabam.

Sannan a bar wa jarumi abin da babu mai iya shi sai shi, a nuna shi da kyau. Da rana Jatau ya yi abin da zai sa mu gane dalilin da ya sa yaron yake ganin ya cancanci a rufa masa asiri. A sirar Antaru ɗan Shaddadu, ɗan'uwansa Shaibubu ne mai gudu da ƙafa, shi ya san hanyoyin sahara, shi ke leƙen asiri ya dawo da labari. Amma in aka yi gaba da gaba, fagen na Antaru ne. Kowa da gonarsa.

Doyle ma ya gwada cire Watson, mun ga abin da ya faru. Cikin labaran Holmes 60, littattafai 4 da gajeru 56, huɗu ne kawai ba Watson ya ba da su ba, biyu daga ciki Holmes ne da bakinsa. A na 1926, The Blanched Soldier, Holmes ya yi ƙorafin cewa Watson ya bar shi ya tafi wajen mata, har ya kira hakan son kai. Ya kuma amsa cewa rashin tambayoyin Watson da mamakinsa ya sa bayaninsa ya fito fili babu armashi. Mutum ya kira auren abokinsa son kai bai ji komai ba, ka ga raunin ya leƙo ko da yaron ba ya nan, amma ta giɓin da ya bari.

Usaina Zariya

Malam, ni wannan ne ma yake damuna da Watson. Holmes ya bar shi shekara uku yana zaton Holmes ɗin ya mutu. A wani labarin ya yi ciwon ƙarya ya ruɗe shi, ya ce don Watson bai iya ɓoye abu a fuskarsa ba. A labarin karen Baskerville ya tura shi can shi kaɗai, alhali yana ɓoye a kusa bai gaya masa ba. Kullum Watson ya ji haushi na minti biyu ya huce. Wannan amana ce ko rashin zuciya? Ni ina ganin in yaro ba shi da iyakar da in an ƙetare zai tafi, to ba mutum ba ne, kayan aikin marubuci ne.

Malam Sabi'u

Ba zan ce ba ki da hujja ba. Amma Watson yana da rayuwa a waje, ya yi aure ya bar gidan, ya buɗe wurin duba marasa lafiya. A ƙarshen littafin 1890 ɗin nan, da ya ce zai yi aure, Holmes ya ce ba zai iya taya shi murna ba. Aka raba riba: ɗan sanda ya tafi da yabo, Watson da mata, Holmes ya miƙa hannu wajen kwalbar allurarsa. Tafiyar Watson ce ta nuna mana cewa mutumin nan ba shi da kowa.

Kuma Doyle ya biya bashin, ko da ya jinkirta. A labarin 1924, The Three Garridebs, wani ɗan bindiga ya harbi Watson a cinya. Holmes ya kwaɗa wa mutumin bindiga a ka, ya rungumo Watson ya zaunar da shi, leɓensa na rawa yana tambaya ko ya ji ciwo, ya tsaga wandon da wuƙa ya duba raunin. Ya gaya wa maharbin cewa da ya kashe Watson da bai fita ɗakin da rai ba. Shekara 37 bayan littafin farko na 1887. Wurin bai fi 'yan layuka ba, kuma nauyinsa daga daɗewar jiran ya zo. Da Holmes yana nuna haka kowane labari, da babu mai tuna shi.

Usaina Zariya

Shekara 37 don 'yan layuka, Malam, ni ban ga an biya ba. Kuma sai da aka zubar da jininsa. Wannan ma wata hanya ce da ta yi yawa, a harbi yaro ko a kashe shi don jarumi ya yi kuka. Ummu Haidar da kashe Tanko ta fara tambaya, ina tsoron a ƙarshe can za a koma.

Hajiya Talatu

A nan ina bayan Usaina. Mutuwar yaro tana da sauƙin rubutawa kuma tana sa hawaye, amma sau da yawa kuɓutar da jarumi take yi. In Tanko ya mutu, shaidar da ta san shirun da Jatau ya yi ta tafi, sai ya yi kuka a kan kabari ya ɗau fansa, jama'a su ƙara yaba shi. In Tanko na raye, dole Jatau ya kalli idonsa kowace magariba. Wannan ya fi wuya a rubuta kuma ya fi daɗewa a ran mai karatu.

Sannan ki ba shi abin da yake so wanda ba Jatau ba. Yana tara ladansa ya sayi jaki biyu ya fara nasa fataucin, ko akwai yarinyar da ya bari a wani zango. Ki ambace shi sau uku ko huɗu a tsawon littafin, kada ya fi haka. Amfaninsa shi ne mu san yana da inda zai je, don zamansa ya zama zaɓi. Bayan an ɗora masa laifi, wani madugu ya yi masa tayin aiki, mu ga ya yi dare yana juyawa.

Malam Sabi'u

Ban ce a kashe shi ba. Amma ba zan haramta ba. Akwai labarin da gaskiyarsa ita ce jarumi ya makara, ya buɗe baki bayan an gama. In Jatau irin mutumin da ba zai iya faɗa ba ne sai ya rasa yaron, to mutuwar ba kuɓuta ba ce, hukunci ne, da sharaɗin ya faɗi gaskiyar a gaban ayari bayan nan, ya ajiye takobin. Abin da ba na yarda da shi shi ne a kashe yaron kuma asirin ya bi shi kabari.

Ummu Haidar

Allah ya saka da alheri, malamai. Zan bar shi da rai har shafi na 52 in ga abin da Jatau zai iya. Abu ɗaya ya rage mini. Masu karatu sun riga sun ga Jatau ya yi faɗa da dare a shafi na 9, ya kashe mutum biyu. Yaya zan yi da wannan?

Hajiya Talatu

Koma ki duba ko Tanko na wurin, da kuma ko kin ambaci farin wata ko wutar zango. In akwai wuta a kusa, kin tsira, don mai dundumi yana ganin abin da ke cikin haske, duhun gefe ne ke gagararsa. In kin rubuta duhu ne ƙirin kuma shi kaɗai ne, to ki sa lalurar ta fara bayan nan, tana ƙaruwa a hankali cikin tafiyar. Hakan ma ya fi, don faɗan shafi na 9 shi ya ba shi sunan da yanzu yake tsoron rasawa. Turo mana shafin mu gani kafin ki saki na 25.